Gurbi Biyu a Saƙon Magani

Shekarar da citta ta ruɓe a gonaki abin ya faru. Duk wanda ya zauna a Kafanchan ko ƙauyukan da ke kewaye ya san wannan daminar. Ganye ya yi rawaya tun kafin lokacinsa, manomi ya tona ƙasa ya tarar da abin da ya shuka ya zama kamar kunu. A tasha, a bakin masallaci, a ƙofar coci, maganar ke nan. Ni ban shuka citta ba, saboda haka asarar ba ta taɓa ni kai tsaye ba. Abin da ya same ni a shekarar daban ne, kuma da hannuna na jawo shi.

Lokacin na yi shekara uku da barin koyarwa. Hausa da Larabci na koyar a sakandare har gashin kaina ya yi fari. Wata ƙaramar ƙungiyar kiwon lafiya da ke da ofis a bayan layin dogo ta nemi wanda zai mayar mata da rubutun manhajarta daga Turanci zuwa Hausa, wani tsohon ɗalibina ya ambace ni. Manhajar a wayar ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye take. Nas za ta rubuta abin da ta ba yaro, wayar kuma ta tura wa iyayensa gajeren saƙo don kada su manta yadda za a sha maganin.

Shugaban ƙungiyar tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dattijo a cocinsu, kowa Oga yake ce masa. Amma wadda na yi aiki a ƙarƙashinta mace ce 'yar kimanin shekara talatin, 'yar Madakiya, ita ta gina manhajar. Ina ce mata Injiniya, tana ce mini Baba Malam. Hausarta irin ta nan ce, komai namiji ne a bakinta. Ranar farko ta nuna mini kwamfuta ta ce, "Baba Malam, wannan shi ne naka. Batirinsa ya tsufa, kada ka cire masa waya." Ni kaɗai ne Musulmi a ofishin. Ita ta share mini wani lungu kusa da tankin ruwa inda nake shimfiɗa buzuna in yi Azahar.

Aikin a ido mai sauƙi ne. Allon kwamfuta ya rabu biyu, Turanci a hagu, fili a dama inda zan sa Hausa. Layukan sun haura dubu, yawancinsu gajeru: ajiye, koma baya, babu intanet. Sai dai a cikin wasu akwai baƙin alamomi, irin %1$s da %2$d. Injiniya ta ce kowace alama wuri ne da aka bari, idan manhaja ta tashi aiki ita za ta zuba abin da ya dace a ciki. Mai harafin s kalma yake karɓa, kamar sunan yaro ko na asibiti. Mai harafin d lamba yake karɓa. Lambar da ke gaba, ɗaya ko biyu, ita ke nuna wanne ne wanne. Na ce mata ai wannan gurbi ne. Ta maimaita kalmar sau biyu, ta ji daɗinta, daga ranar duk ofishin suka ɗauka.

"Za ka iya kai gurbi gaba, za ka iya kai shi baya," in ji ta. "Hausa ba dole ya bi Turanci ba. Amma in ka ɗauke shi, ka ɗauke shi da lambarsa. Na ɗaya na ɗaya ne ko a ƙarshen magana ya zauna."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin.

A makon farko na karya mata manhaja sau biyu. Na farko, na rubuta "ma'aikaciya" da "'ya'ya" yadda kowa ke rubutawa. Ta zo haɗa manhajar, na'ura ta ƙi. Ashe ɗan waƙafin sama da muke sawa yana da wani aiki a wurin na'urar, sai an jingina masa wani karan layi mai karkata baya kafin ta bar shi ya wuce a matsayin rubutu. Ta dubi jerin jajayen gargaɗi ta dafe kai.

"Baba Malam, Hausanku ɗin nan, ba a iya haihuwar 'ya'ya sai da waƙafi biyu?"

"Ke da kika ce komai namiji ne, ina ruwanki da haihuwa?"

Na biyu a kan jam'i ne. Duk layin da ke ƙidaya abu yana da akwati biyu, ɗaya na abu guda, ɗaya na sauran adadi. A wasu wuraren bambancin a fili yake: yaro ɗaya, yara uku. Amma kwana ɗaya da kwana goma duk kwana ne. Na ga maimaita magana ɓata wuri ne, na cika akwatin farko na bar na biyun. Ta buɗe manhajar a waya, ta sa kwana ɗaya, lafiya. Ta sa kwana biyu, manhajar ta rufe kanta. Ashe manhajar ta nemi abin da za ta nuna ne ta rasa. Daga ranar na koyi cika akwatunan duka, ko da magana ɗaya zan kwafa sau biyu, na kuma koyi cewa sunayen akwatunan na na'ura ne, ba a fassara su.

Waɗannan kurakuran masu ihu ne. Suna faruwa, na'ura ta tsaya, a gyara, a yi dariya. Ban san akwai mai shiru ba.

Dole in faɗi yadda nake aiki, don a nan abin yake. Mahaifina marubucin wasiƙa ne a bakin tashar jirgin ƙasa, da ajami yake rubuta wa leburori da fatake. A hannunsa na koyi rubutu tun kafin in san boko. Idan kasuwa ta yi sanyi yakan rubuta gaisuwar wasiƙu ya ajiye, inda sunan mutum ko na gari zai shiga sai ya yi ɗan da'ira, in mai wasiƙa ya zo a cika. Har yau Hausa mai kyau ba ta zo mini a kan madannai. Sai na riƙe alƙalami, na fara daga dama, sannan nake jin maganar tana zama daidai. Saboda haka da safe nakan karanta Turancin, in rubuta fassarar da ajami a littafin makaranta mai layi, duk inda gurbi yake in yi da'irar mahaifina. Bayan kwana biyu ko uku, idan shafuka sun taru, in zauna in buga su da boko. Da'ira ta farko in sa mata %1, ta biyu %2, idona a kan littafi.

Injiniya ta ga littafin ta ce bai kwanta mata ba. Ta ce in riƙa bugawa kai tsaye, Turancin yana gabana. Na ce mata da wannan rubutun aka yi mulki da ciniki a ƙasar nan tun kakanta bai ga farar takarda ba. Ta yi dariya ta ƙyale ni. Da na ce mata da'irorin ba su da lamba, na san ba za ta ƙyale ba. Ban faɗa ba, don ni kaina ban ga abin faɗa a ciki ba. A kusan kowane layi, yadda guraben suka jeru a Turanci haka suka jeru a Hausata.

Akwai kuma wani abu. Ba a buɗe mini shafin shiga da sunana ba. An ce za a yi, ba a yi ba. Da sunan Injiniya kwamfutar take a buɗe, duk abin da na buga, a rajistar aiki ita ta buga.

Layin da ya kayar da ni na maganin gudawar yara ne. Bayan ruwan gishiri da sukari, ana ba yaro ƙwayar zink, guda ɗaya kullum har kwana goma. Turancin ya fara da adadin ƙwaya, gurbi na ɗaya, ya ƙare da adadin kwana, gurbi na biyu. Na daɗe a kan layin. Na tuna matata, duk sanda aka rubuta wa yaranmu magani tambayarta ta farko ita ce kwana nawa za a yi ana sha. Na kuma san matsalar zink ita ce iyaye su daina bayarwa da zarar cikin ya tsaya. Sai na kawo kwanakin gaba. Na rubuta: har kwana, da'ira, a ba yaro ƙwaya, da'ira, kullum. Na ji daɗin jimlar ƙwarai. Ranar da na zo bugawa, hannuna ya yi abin da ya saba: da'irar farko ɗaya, ta biyu biyu.

Na'urar da ke duba fassara ba ta ce komai ba. Ita abin da take dubawa, shin guraben biyu suna nan, kuma kowanne irinsa ne? Suna nan, duka na lamba ne. Manhaja ta haɗu lafiya, ta buɗe lafiya. Aka tura sabuwar ga asibitoci a tsakiyar damina, lokacin da gudawa ta fi kama yara.

Wata ranar Talata da hantsi nas ɗin wani ƙaramin asibiti da ke gaba da Madakiya ta shigo ofis a kan babur, takalminta duk laka. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta ajiye wata ƙaramar waya a teburin Oga ta ce ya karanta. Wayar wani manomi ce. Jiya matarsa ta kawo ɗansu mai shekara biyu, nas ta ba ta zink ƙwaya goma, ta ce mata guda ɗaya kullum. Suna isa gida saƙo ya shigo wayar mijin: har kwana 1, a ba yaro ƙwaya 10 kullum. Matar ta ce ba haka nas ta faɗa ba. Mijin ya ce ita ba ta iya karatu ba, ga shi a rubuce daga asibiti. Suka narka huɗu suka ɗura masa. Yaron ya yi ta amai har ya galabaita, ga gudawar da ma ta tsotse shi. Da kyar aka samu jijiyar da aka sa masa ruwa. Allah Ya yi da sauran kwanansa.

Injiniya ta dakatar da saƙonnin Hausa nan take. Aka yi ta buga wa sauran iyayen da saƙon ya je musu. Sun bi maganar bakin nas, wasu ma ba su buɗe wayar ba.

Bayan Azahar Oga ya tara mu. Ya sa aka nuna layin a babban allo, Turanci a hagu, Hausa a dama. Ina ganin "har kwana" a farkon jimlar na gane. Na san maganata kamar yadda mutum ya san tafiyar ɗansa daga nesa.

"Wa ya shigar da wannan?" in ji Oga.

Aka buɗe rajista. Sunanta ne a wurin, da rana, da sa'a.

"Ni ne, sa," in ji Injiniya. "Kuma ni na sa hannu aka tura. Da na gwada, na duba ko shafin yana buɗewa ne kawai. Ban karanta saƙon da lambobi daban-daban ba."

Oga ya san ni ne mai fassara. Ya juyo ya dube ni.

"Malam, kalmomin naka ne, wannan na sani. Lambobin fa?"

Kafin in buɗe baki ta ce, "Lambobi aikina ne, sa. Baba Malam Hausa kawai ya sani."

Na yi shiru. Ba wanda ya rufe mini baki. Shekara sittin da uku ina da su a lokacin, na koyar da yara cewa shaida amana ce, na yi shiru.

Da aka watse ta same ni a wajen tankin ruwa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana kallon ƙofa.

"Baba Malam, ka bar shi haka."

"Ni na yi, 'yata. Na juya jimlar, ban juya lambobin ba."

"Na sani. Ina gani na gane. Amma ka ji ni. Yaron nan ɗan cocinmu ne, babansa yana da baki. In ya fita cewa malamin da ke ofis ne ya canza maganin yaran Kirista, wa zai tsaya ya ji zancen gurbi? Kafin yamma ya zama wani labari a kasuwa. Ka san garin nan. Ni in sun zage ni, 'yarsu suka zaga."

Gaskiya ta faɗa. Na ga abin da ƙaramar magana ta taɓa jawowa a garin nan, na kwana a barikin 'yan sanda da iyalina saboda irinta. Amma ba zan ɓoye ba, ba tsoron fitina kaɗai ya sa na yarda ba. Na ji sauƙi a raina. Ta ba ni hujja mai kyau, na karɓa da sauri fiye da yadda ya kamata.

A ƙarshen watan kwamitin ƙungiyar ya sallame ta. Kafin ta tafi ta gyara layin, ya koma har kwana %2$d, a ba yaro ƙwaya %1$d kullum. Ta zauna da ni kwana biyu muka bi duk layin da ke da gurbi fiye da ɗaya. Tana sa lambobi mabambanta, bakwai da uku, ni ina karanta abin da ya fito da ƙarfi. Mun samu wani guda ɗaya da na juya, na ranar dawowa asibiti, ba a riga an yi amfani da shi ba. Ta gyara ta wuce. Ta kuma sauya na'urar gwaji yadda za ta riƙa fitar da kowane saƙo cike da lambobi don mutum ya karanta da idonsa. Ranar Juma'a ta ɗauki jakarta da kofin shayinta ta tafi.

Ni na ci gaba da zuwa. An buɗe mini shafi da sunana a makon da ya biyo baya, abin da aka kasa yi wata huɗu. Na daina rubuta da'ira marar lamba. Ina zuwa, ina aiki, ana gaishe ni da girma. A lungun da ta share mini nake salla. Idan na ɗaga hannu zan roƙi gafara, sai in ji kamar wanda ya zo wurin alƙali da kayan wani a kafaɗa. Malamanmu sun koya mana cewa abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, haƙƙin mutum daban, wannan sai mai shi ya yafe ko an mayar masa. Na san haka tun ina yaro. Na yi ta gaya wa kaina ai ita ta nema, ai ta yafe tun kafin in roƙa. Haka na yi wata huɗu.

Ana saura mako biyu Kirsimeti nas ɗin nan ta zo ofis karɓar sabuwar waya. Muka gaisa, na tambaye ta yaron, ta ce yana gudu yana korar kaji. Na tambaye ta Injiniya.

"Malam, ba ka ji ba? Ta samu aiki a Abuja, har an kira ta. Suka nemi takardar shaida daga nan. Oga ya ce shi ba zai yi ƙarya a takarda ba, ya rubuta dalilin sallama. Suka fasa. Tana gida wurin mamanta, tana gyara wa mutane waya a baranda. Zumuntar mata ta coci ma ta daina zuwa, ana nuna ta da baki, wai ita ce ta kusa kashe ɗan mutane."

Na koma gida na buɗe akwatin littattafaina. Littafin yana nan, shafin yana nan, da rubutun hannuna, da'ira biyu babu lamba. Washegari da safe, kafin sauran ma'aikata su iso, na shiga wurin Oga na ajiye shi a gabansa.

Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Malam, ni wannan ban iya karanta shi ba. Addu'a ce ka kawo mini?"

Na zagaya na tsaya kusa da shi, na bi layin da yatsa daga dama, na karanta masa. Na nuna masa da'irorin. Na gaya masa yadda nake ƙirga su in ba su lamba, da yadda na kawo kwana gaba, da cewa ni na buga layin da hannuna a kwamfutar da ke buɗe da sunanta. Na ce masa ta gargaɗe ni tun ranar farko, ta kuma hana ni aiki da littafin na ƙi.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ɗago ya dube ni.

"Na tambaye ka a gaban kowa."

"Ka tambaye ni."

"Na rubuta wa mutanen Abuja abin da na ɗauka gaskiya ne. Da hannuna. Ka sa na ci amanar yarinya ina ganin tsoron Allah nake yi." Ya buga teburin da tafin hannu, ba da ƙarfi ba. "Ita ma tana da nata, ba ta gwada da kyau ba. Amma wannan gargaɗi ne, ba kora ba."

Na gaya masa dalilinta na rufa mini asiri. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ba wauta ta yi ba. Na ce duk da haka ina so in je in gaya wa uban yaron da bakina, don a can ne ake zaginta. Ya ce in zan je, ba ni kaɗai ba.

Ranar Asabar muka tafi a motarsa, ni da shi da nas. Muka tarar da manomin yana sussukar dawa a ƙofar gida. Oga ya fara magana da yarensu, sannan ya koma Hausa saboda ni. Na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba. Na ce saƙon yana da wuri biyu na lamba, na sa ta kwana a wurin ta ƙwaya, ta ƙwaya a wurin ta kwana, kuma Injiniya ta ɗauki laifin ne don ta kare ni. Ban san abin da zai biyo baya ba. Maƙwabta biyu sun riga sun matso.

Mutumin ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Da gangan ka yi?"

"Allah Ya sani ba da gangan ba."

"To me ya sa ka ɓoye?"

"Tsoro. Da son a ci gaba da ganin girmana."

Ya tofar da ƙaiƙayin da ya shiga bakinsa. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da yaron a kunkuminta, ta ce da shi da Hausa, don kowa ya ji, "Ni dai na gaya maka guda ɗaya nas ya ce." Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi dariya, ya kama bakinsa. Manomin bai ba ni hannu ba, ban kuma sa rai ba. Ya ce gobe bayan sujada zai tashi ya faɗa a coci cewa ba yarinyar ba ce, tunda shi ya fara kiran sunanta a can. Ya koma kan dawarsa.

Oga ya kira kwamiti a makon. Suka janye takardar sallama, suka rubuta sabuwa, aka aika kwafi Abuja. Ni kuma na ajiye aikin. Ba su kore ni ba, amma na ga ya kamata. Oga ya ce zai aika wa Injiniya da takardar, na roƙe shi ya bar ni in kai.

Na same ta a barandar gidan mahaifiyarta a Madakiya, da rana tsaka, ta buɗe cikin wata waya tana hura mata iska. Ta rame. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta zauna a kan benci. Labari ya riga ni zuwa tun ranar Lahadi.

"Baba Malam, na ce ka bar shi."

"Kin ce. Na bari wata huɗu, kin ga abin da ya saya miki."

"Da sun ƙone maka gida fa?"

"Da an ƙone gidan mai laifi. Ke me kika yi?"

Na miƙa mata ambulan. Ta karanta takardar a hankali har ƙasa, ta koma sama ta sake karantawa. Ta share ido da bayan hannu. Ta ce mutanen Abuja sun riga sun ɗauki wani, amma sun bugo jiya sun ce akwai wani wurin bayan sabuwar shekara, ta sake turo takardunta.

"Ban zo don ki ce ba komai ba," na ce mata. "Akwai komai. Kin rufa mini asiri, ni kuma na bar ki a rana. Ina roƙon ki yafe mini, don ba na so in tarar da wannan a gabana ranar da ba a biya da takarda."

Ta ninke wasiƙar ta mayar cikin ambulan, ta ɗora a cinyarta, ta danne da hannu biyu.

"Na yi fushi da kai," in ji ta. "Ni na ce ka yi shiru, amma da ka yi shirun na yi fushi. Kullum ina addu'a Ubangiji ya cire mini, bai fita ba. Ranar Lahadi da mutumin nan ya tashi a coci, sai na ji ya fita." Ta ɗago ta dube ni. "Na yafe, Baba. Sunana kawai nake bin ka, ka kawo shi. Ba sauran komai."

Na ce alhamdu lillahi. Ta ce amin. Mahaifiyarta ta leƙo ta tambaya ko baƙon zai ci abinci, ta ce mata zai ci, a zuba masa wanda ba nama a ciki.